Giyar Inji, Ƙwallon Duniya da Harafin A: Yadda Ake Gano Wurin Sauya Harshe a Wayar da Ba a Iya Karanta Rubutunta

Wayar da rubutunta ya koma harshen da mai ita bai sani ba, lafiyarta ƙalau. Tana kira, tana karɓar saƙo, hotuna da lambobi suna nan yadda aka bar su. Sunayen da ke ƙarƙashin kowane zaɓi ne kawai suka sauya, zanen da ke gefen sunayen kuwa bai sauya ba. Kamfanonin waya suna fassara kalmomi zuwa harsuna da yawa, amma alama ɗaya suke zanawa ga kowa, kuma jerin zaɓuɓɓukan yana nan a tsarinsa ko da wane harshe aka rubuta shi. Saboda haka wanda ya san alamomi uku, wato giyar inji da ƙwallon duniya da harafin A, zai iya kai kansa wurin sauya harshe ba tare da ya karanta jimla ko ɗaya ba.

Lamarin yana faruwa ta hanyoyi sanannu. Alhaji ya dawo daga Makka da tsarabar waya, a kunna a tarar da ita cikin Larabci. A sayi ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, a iske ta taho daga Sin da harshenta. Ɗan kasuwa ya sayo waya a Maraɗi tana Faransanci, ko ya kai wata daga Katsina zuwa Damagaram tana Ingilishi. Wani lokaci ma yaro ne ya samu wayar uwarsa ya yi ta danne-danne har ya juya ta. Akwai kuma mutane da dama da suka yi karatun allo, suna karanta Larabci da ajami sarai amma boko yana ba su wuya. Su ma wannan hanya ce za ta kai su inda za su mayar da wayar harshen da ya fi musu sauƙi.

Giyar inji

Alama ta farko da ake nema ita ce ƙarfe zagayayye mai haƙora a gefe da rami a tsakiya, kamar farantin da sarƙar keke ke hawa. Wannan ita ce alamar saiti, inda ake daidaita duk yadda waya take aiki. Da Ingilishi ana rubuta Settings a ƙasanta, da Faransanci Paramètres, ko Réglages a wayar iPhone, da Sinanci 设置, da Larabci الإعدادات, ko الضبط a wayoyin Samsung. Launinta yakan bambanta: toka-toka a iPhone, shuɗi ko toka ko fari a wayoyin Android, gwargwadon kamfani da kuma adon da mai wayar ya ɗora. Haƙoran nan dai ba sa ɓacewa. A ƙananan wayoyi masu maɓalli, musamman tsofaffin Nokia, sifana ce take tsayawa a madadin giyar, kuma aikinsu ɗaya.

Neman giyar a cikin tarin manhajoji yana iya ɓata lokaci, domin idan harshe ya sauya, jerin da aka tsara bisa haruffa shi ma yakan sake tsari, manhajar da aka saba gani a shafi na uku ta koma na farko. Hanya mafi sauri a Android ita ce a ɗora yatsa a can saman fuskar wayar a ja ƙasa. Idan giyar ba ta bayyana ba, a sake ja karo na biyu, ko a ja da yatsu biyu lokaci guda. Ƙaramar giya za ta fito a kusurwa, a sama a wasu wayoyin, a ƙasa a wasu. A iPhone wannan dabara ba ta aiki, sai dai a bi shafukan fuskar wayar a nemo murabba'i mai launin toka da giya a cikinsa.

Akwai abu ɗaya da yake rikita mutane a nan. Kusan kowace manhaja tana da tata giyar. Wadda ke cikin kyamara saitin kyamara kaɗai take buɗewa, wadda ke kan allon rubutu kuma saitin allon. Hanyar tantancewa ita ce a dubi abin da ya buɗe. Babban saitin waya dogon jeri ne, kuma a layukansa na farko ana ganin alamar Wi-Fi mai kama da bakuna a jere, da ta Bluetooth, da ta katin layi, can ƙasa kuma ga alamar batir da ta kwaɗo. Idan jerin gajere ne kuma babu waɗannan, to saitin wata manhaja aka shiga, sai a koma baya.

Matakin da ba shi da alama tabbatacciya

A wayoyin Android na da, irin waɗanda aka yi wajen 2012 zuwa 2014, layin harshe yana cikin babban jerin kai tsaye, da harafin A a cikin ɗan akwati a gefensa. Mutum yana buɗe saiti ya gangara ya gan shi. Wayoyin yanzu sun tura shi ciki da mataki ɗaya, kuma wannan mataki na tsakiya shi ne mafi wuya a duk tafiyar, domin kowane kamfani da irin alamar da ya ba shi.

A wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ne yake yin su, layin da ake nema shi ne System, kuma yana can ƙarshen jerin ko dab da ƙarshe. Haka yake a wayoyin Nokia na Android da na Google Pixel. Da Sinanci 系统 ne, da Larabci النظام, da Faransanci Système. A Samsung sunansa General management, alamarsa layuka ne a kwance kowanne da ɗan ɗigo a kansa, kuma yana ƙasa-ƙasa, kafin layukan ƙarshe na sabunta manhajar waya da bayanin waya. A Xiaomi da Redmi ana kiransa Additional settings. A iPhone abin ya fi sauƙi, domin layin General, wanda da Sinanci 通用 ne, da Larabci عام, yana ɗauke da wata ƙaramar giya mai launin toka. Wato a iPhone giya biyu ake taɓawa a jere.

Wanda ba ya iya karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, abin da ya fi masa shi ne ya gangara har ƙarshen jerin, ya fara buɗe layuka daga ƙasa zuwa sama, ɗaya bayan ɗaya. Buɗe layi a duba cikinsa ba ya sauya komai a waya. Abin da ke sauya abu shi ne kunna ko kashe makunni, ko amsa tambayar da ta faɗo a tsakiyar fuska. Layin da aka buɗe aka ga lambobi da yawa da sunan samfurin wayar, bayanin waya ne, ba shi ake nema ba, amma yawanci maƙwabcinsa ne. Wanda aka buɗe aka tarar da alamar agogo, da ta allon rubutu, da ƙwallon duniya ko harafin A, shi ne.

Ƙwallon duniya da harafin A

Ƙwallon duniya da'ira ce da layuka a lanƙwashe daga sama zuwa ƙasa, da wasu a gicciye. Ba kasafai ake zana nahiyoyi a kanta ba. A cikin System, ita ce alamar da aka fi sa wa layin Languages & input, kuma shi ne yawanci na farko ko na biyu a wurin.

Matsalar ƙwallon duniya ita ce aiki uku take yi a waya ɗaya, kuma wurin da aka gan ta shi ne yake faɗin wanda take nufi. Idan tana cikin manhajoji a fuskar waya, ko a layukan farko na saiti kusa da Wi-Fi, intanet take nufi. Idan tana ƙasan allon rubutu, kusa da dogon maɓallin tazara, harshen da ake rubutu da shi take sauyawa: a taɓa ta haruffan Larabci su koma na boko, amma sunayen da ke cikin saiti ba za su motsa ba. Mutane da yawa sukan yi ta taɓa wannan suna jiran wayar ta juya, alhali ba aikinta ba ne. Sai wadda ke can cikin saiti, kusa da agogo da kwanan wata, ita ce ta harshen waya gaba ɗaya.

Harafin A na harshe shi ma yana da siffar da ake gane shi. A yau ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, yakan zo da wani baƙon harafi a gefensa, mafi yawa 文, wani lokaci 字 ko あ na Japananci. Haruffa biyu na rubutu daban-daban a wuri ɗaya, ma'anarsu harshe ko fassara. Irin wannan alama ce take saman shafukan Wikipedia a waya, inda ake zaɓen harshen da za a karanta maƙala da shi, har da Hausa. A ganin mai wannan rubutu, ta fi ƙwallon duniya aminci nesa ba kusa ba, domin ba ta da wata ma'ana da ta wuce harshe.

Sauran haruffan A da ke cikin waya ba su da alaƙa da wannan. Babban A da ƙaramin a a jere, ko A biyu ɗaya ya fi ɗaya girma, girman rubutu suke nufi, kuma a iPhone na shekarun baya ita ce alamar layin haske da fuskar waya. A a cikin zanen rana hasken fuska ne mai daidaita kansa. A a gefen zanen walƙiya fitilar kyamara ce. Farin A a kan shuɗin murabba'i a iPhone kuwa shagon manhajoji ne, App Store. Abin dubawa kullum shi ne abokin tafiyar harafin: idan abokin harafi ne na wani rubutu dabam, an zo wurin.

Inda babu alama ko ɗaya, kamar cikin General management na Samsung da General na tsofaffin iPhone, siffar kalma ɗaya tana isa. Kalmar harshe da Sinanci 语言 ce. Harafinta na biyu, 言, yana da sauƙin riƙewa: ɗigo a sama, layuka a kwance a ƙarƙashinsa, ɗan akwati a ƙasa. Wannan harafi yana cikin 語言 na wayoyin Hong Kong da Taiwan, yana kuma cikin 言語 na wayoyin Japan. Da Larabci اللغة ce ko اللغات, wadda duk mai karatun allo zai gane, da Faransanci Langue, da Koriyanci 언어.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wayar Android irin su Tecno ko Infinix da ta koma Sinanci, mai ita kuma yana son Ingilishi. Zai ja daga sama ya taɓa giyar, dogon jeri ya buɗe da Wi-Fi a samansa. Zai gangara har ƙarshe ya nemi layi mai haruffa biyu kacal, 系统, ya buɗe. A ciki zai ga 语言和输入法, inda haruffa biyun farko su ne kalmar harshe. Idan ya buɗe wannan, layin farko shi ne 语言, kuma a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa an rubuta harshen da wayar take kai a yanzu. Layukan da ke ƙasa na allon rubutu ne, sai a bar su. A wasu sabbin wayoyi akwai ƙarin layi ɗaya a tsakani, amma shi ma yana ɗauke da haruffan nan biyu.

Shafin da zai buɗe gajere ne. Akwai lamba 1 da 简体中文 a gabanta, a ƙasa kuma alamar tarawa, +, da 添加语言, wato ƙara harshe. Da ya taɓa alamar tarawar, wahalar karatu ta ƙare, domin a wannan jeri kowane harshe da sunan da masu shi suke kiransa aka rubuta shi, da kuma rubutunsu. Ingilishi English ne, Faransanci Français, Larabci العربية, Hausa kuma Hausa. An yi haka da gangan, don wanda ya ɓace ya gane nasa ko da wayar tana wane harshe. Jerin yana da tsawo, sai a yi ta ja a hankali. Bayan an taɓa English, wayar takan kawo jerin ƙasashe, su ma da Ingilishi, a zaɓi Nigeria ko United Kingdom. Zaɓin ƙasa yana shafar yadda ake rubuta kwanan wata da wasu ƙananan abubuwa, ba ya hana komai aiki.

A nan ne mutane da yawa suke zaton abin ya ƙi. An zaɓi English, an dawo, wayar tana nan da Sinancinta. Dalili shi ne tun daga Android 7, wanda ya fito a 2016, waya tana riƙe harsuna da yawa a jere, kuma wanda ke lamba 1 shi ne yake mulki. Sabon da aka ƙara lamba 2 yake zama. Dole a ɗora yatsa a kan 'yan layuka biyu da ke ƙarshen layin English, a riƙe, a ja shi sama har ya hau kan na Sinanci, sannan a saki. A wasu wayoyi nan take rubutun zai juya. A wasu kuma tambaya za ta faɗo da maɓallai biyu: 取消 fasawa ne, ɗayan kuma amincewa, kuma shi ne yawanci na hannun dama. Samsung takan yi tambayar tun lokacin da aka ƙara harshen, ko a bar na da ko a mai da sabon na farko. A iPhone, bayan giya biyu sai Language & Region, wanda da Sinanci 语言与地区 ne, da Larabci اللغة والمنطقة. A sabbin sigogi yana da ƙwallon duniya a gefensa, a tsofaffi kuwa yana cikin rukunin da ya fara da kwanan wata da lokaci, ƙasa da layin allon rubutu. Bayan an zaɓi harshe an amince, fuskar takan yi baƙi na ɗan lokaci kafin ta dawo. Wannan ba lalacewa ba ce.

Idan Larabci ne wayar take, matakan duk ɗaya ne, sai dai komai ya juya hagu da dama. Alamomin layuka sun koma hannun dama, kibiyar komawa baya tana saman dama tana kallon dama, 'yan layukan da ake riƙewa a ja suna hagu, maɓallin amincewa ma ya koma hagu, إلغاء na fasawa yana dama. Sama da ƙasa kaɗai ba sa juyawa: abin da yake layi na ƙarshe a Ingilishi, na ƙarshe ne a Larabci. Haka wayar take yi idan an sa ta a Farisanci ko Urdu.

Wurin da ya kamata a yi hattara

Duk tafiyar nan ba ta da haɗari sai wuri ɗaya. Layin da ake goge waya da shi, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, yana cikin shafi ɗaya da layin harshe: a cikin System, a cikin General management, a cikin General na iPhone. Harshe yana sama ko tsakiya, gogewa tana ƙasa. Alamarta, inda take da alama, kibiya ce da ta lanƙwasa ta zagayo kamar da'ira. Da Sinanci ana ganin 重置 ko 还原 ko 恢复出厂设置, da Larabci kalmar إعادة tana cikin sunansa, da Faransanci Réinitialiser ko Réinitialisation.

Akwai alama mai sauƙi da za ta nuna an yi kuskuren hanya. Sauya harshe ba ya neman lambar sirrin buɗe waya, ba ya neman zanen yatsa, ba ya kawo dogon gargaɗi ko jan rubutu. Gogewa kuwa tana neman lambar sirri idan wayar tana da ita, tana kuma jera abubuwan da za su tafi. Duk wanda yake neman harshe, wayar ta tambaye shi lambar sirri, ya koma baya nan take.

Wasu sukan ba da shawarar a goge wayar gaba ɗaya, tunda idan ta sake tashi za ta fara da tambayar harshe. Gaskiya ne za ta yi tambayar, amma shawarar ba ta da kyau. Hotuna da saƙonni da lambobin da ke cikin wayar za su tafi. Abin da ya fi wannan muni a wayar hannu shi ne kullen da ke biyo baya. Tun daga Android 5.1 na 2015, wayar da aka goge ta hanyar maɓallan gefe, alhali akwai asusun Google a kanta, takan nemi asusun mai ita na da kafin ta buɗe. A iPhone irin wannan kulle yana nan tun iOS 7 na 2013. Idan mai wayar na farko yana wata ƙasa kuma ba a san shi ba, an mayar da matsalar minti biyu ta zama wayar da ba ta amfanuwa.

Idan an sauya amma wani sashe bai juya ba

Wanda ya zaɓi Hausa yana bukatar sanin abu ɗaya. Kasancewar sunan harshe a cikin jeri ba ya nufin an fassara dukan wayar zuwa wannan harshe. Wayoyin Tecno da itel da Infinix da yawa suna da Hausa a saitinsu, amma wasu kamfanoni sun sa sunan a jeri kawai, kuma manhajoji da yawa ba su da fassarar Hausa ko kaɗan. Duk inda babu fassara, wayar takan gangara zuwa harshe na 2 a jerin. Idan Sinanci ne yake lamba 2, sai a ga waya rabi Hausa rabi Sinanci, ko ma a ga kamar ba abin da ya sauya. Gyaran shi ne a sa Hausa a lamba 1, Ingilishi ko Faransanci ko Larabci a lamba 2, a cire baƙon harshen gaba ɗaya. Ana cirewa ta ɗigo uku da ke saman shafin, a yi wa harshen alama, a taɓa zanen kwandon shara.

Wasu manhajoji kuma suna da nasu harshen dabam da na waya. A WhatsApp na Android, ɗigo uku da ke sama suna buɗe ɗan jeri, saiti yana ƙarshensa ko dab da ƙarshe, kuma a ciki layin harshe yana da ƙwallon duniya. Tun daga iOS 13 na 2019 da Android 13 na 2022, ana iya ba manhaja ɗaya harshenta daga cikin saitin waya, don haka idan manhaja ɗaya tak ta ƙi juyawa, can ya kamata a duba. Allon rubutu ma yakan tsaya a kan tsohon harshe, kuma a nan ne ƙwallon duniyar da ke kusa da maɓallin tazara take da amfani. Sunayen da aka adana lambobi da su, da tsofaffin saƙonni, ba sa juyawa ko kaɗan, domin mutum ne ya rubuta su.

Akwai kuma iyakar da alama ba ta iya tsallakewa. Wayoyin da aka yi don kasuwar cikin ƙasar Sin kaɗai sukan zo da harsuna kaɗan, yawanci Sinanci da Ingilishi da wasu 'yan tsiraru, kuma ko an juya su Ingilishi wasu manhajojin kamfanin suna nan da Sinanci. Idan an buɗe jerin harsuna aka ga bai kai layi goma ba, to irin wannan waya ce, kuma babu wani ɓoyayyen wuri da Faransanci ko Hausa suke. Shi ya sa ya dace mai sayen wayar hannu ya buɗe wannan jeri tun a gaban mai sayarwa, kafin kuɗi su bar hannunsa.

A kwamfuta

Alamomin ukun suna aiki a Windows ma. Danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin I yana buɗe saiti kai tsaye, ko da wane harshe kwamfutar take. A Windows 10 sashen Time & Language yana da agogo tare da A da 字, a Windows 11 kuma agogo ne da ƙwallon duniya. Wanda yake son ya tsallake neman alama zai iya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta wannan a ɗan akwatin da ya fito, ya danna Enter:

```
ms-settings:regionlanguage
```

Bambancin kwamfuta da waya shi ne sabon harshe yawanci sai an sauko da shi daga intanet, kuma ba ya kama aiki sosai sai an fita daga asusun an sake shiga. Wasu kwamfutoci kuma suna zuwa da sigar Home Single Language, wadda lasisinta harshe ɗaya ya yarda da shi. A irin wannan ana iya ƙara allon rubutu na wani harshe, amma sunayen da ke fuskar kwamfutar ba za su juya ba sai an sauya sigar Windows ɗin.

Idan an bi duk matakan waya aka kasa gane layin tsakiya, akwai dabarar da masu gyara suke yi: a samo wata waya ta kamfani ɗaya da ke cikin harshen da aka sani, a ajiye su gefe da gefe, a buɗe saiti a duka biyun, a riƙa taɓa layi ɗaya a nan da can. Launin alamomi da siffarsu ake bi, ba ƙirgen layuka kaɗai ba, domin wayoyi biyu na kamfani ɗaya da aka yi a shekaru daban-daban sukan bambanta da layi ɗaya ko biyu, kuma waya mai layi biyu tana iya samun zaɓin da mai layi ɗaya ba ta da shi.